Giɓin santimeta 5 a ƙwaurin ɗan kabu-kabu: da wane ƙashi za a cika?

Yaron nan shekarunsa 27, kabu-kabu yake yi a nan cikin Maradi, mota ta buge shi a hanyar Madarunfa, ƙashin ƙwaurinsa na dama ya karye har ya huda fata ya fito waje. 'Yan'uwansa suka kai shi wajen mai ɗori a ƙauye aka ɗaure da kara da tsumma, ya yi wajen wata biyu a can, sai da wari ya fara damun mutanen gida sannan aka kawo shi asibiti. Ni ma'aikacin ɗakin tiyata ne, ina cikin masu taimaka wa likitan ƙashi, kuma na ga ya kamata in rubuta yadda aka yi da shi saboda tambayar da kawunsa ya yi ta yi mana, wadda kusan kowa ke yi: in ƙashi ya ɓace, a ina ake samo wani?

Da aka kwance ƙafar mugunya na fita ta wani ɗan rami a gaban ƙwaurin, radiyo kuma, wato hoton ƙashi, ta nuna wani guntun ƙashi fari fat a tsakiya, ya fi sauran haske, wannan alama ce ta ya mutu jini ba ya shigarsa. Aka shiga da shi tiyata aka yi ta yanke mataccen ƙashin kaɗan-kaɗan har sai da aka ga bakin ƙashin yana tsatso jini ɗigo-ɗigo sama da ƙasa, don nan ne ake sanin an iso mai rai. Da aka auna abin da ya rage, giɓin santimeta 5 ne. Ƙaramin giɓi jiki kan iya cike shi da kansa in an riƙe ƙashin da kyau, amma santimeta 5 a ƙwaurin babban mutum ba zai taɓa haɗewa shi kaɗai ba, tsoka da tabo ne za su cika wurin, ƙafa ta zauna tana lilo.

Kawun ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, likita tunda kun buɗe ai gara ku sa masa ƙashin yau a gama, kuɗin shiga tiyata sau biyu ba mu da su. Likita ya ce masa Alhaji ka yi haƙuri, in na zuba ƙashi yau a cikin mugunyar nan abinci na ba ƙwayoyin cuta, nan da sati kaɗan zai narke ya fito da ruwan miki, mun yi asarar ƙashin yaron mun yi asarar kuɗinku. Wannan magana ita ce gindin komai a wannan aiki, kuma wallahi na fi son mutane su riƙe ta fiye da sunayen da zan kawo a ƙasa. Kowane irin ƙashi aka dasa, na jikin mutum ko na saye, ba ya da jininsa a ranar da aka sa shi, jinin wurin yake jira ya shigo masa. In wurin da cuta, ko ƙashin na motsi, ko babu nama mai kyau da zai rufe shi, ba zai kama ba ko nawa aka saye shi.

To abin da aka yi a zagayen farko shi ne dabarar Masquelet, likitan Faransa ne da ya fara ta a 1986. An ɗauki ɗan nama da ƙashi daga wurare daban-daban na mikin aka aika labo don a san wace ƙwaya ce da maganin da ke kashe ta. An kafa ƙarfen waje, wato ƙusoshi a ƙashi sama da ƙasa da sanda da ke haɗa su a waje, don ƙafar ta tsaya cak da tsawonta. Sannan aka kwaɓa simintin ƙashi da aka gauraya da maganin ƙwayoyin cuta aka cika giɓin da shi, har ya ɗan hau bakin ƙashin ta kowane gefe. Aka juyo da tsoka daga bayan ƙafa aka rufe wurin saboda fatar gaban ƙwauri ta lalace. Simintin nan ba zai zama ƙashi ba har abada, aikinsa shi ne ya tsare wurin kar tabo ya cika shi, kuma jiki da ya ji baƙon abu sai ya yi masa wani tantani ya kewaye shi, tantanin nan cike yake da ƙananan hanyoyin jini kuma yana fitar da sinadaran da ke taimakon tsirowar ƙashi. Shi ake jira, galibi sati 4 zuwa 8.

A cikin wannan jiran ne aka zauna aka yi shawarar me za a zuba, kuma nan ne kalmomi uku suke shigowa waɗanda likitocin ƙashi ke auna kowane dashe da su. Ni yadda nake fahimtar da mutane shi ne da gayya. In za a yi gayyar noma ana buƙatar gonar da za a taka a yi aikin, ana buƙatar makaɗin da zai kira samari ya zuga su, ana kuma buƙatar manoman kansu da hauyarsu. Ostiyokondiksiyon ita ce gonar: abin da aka dasa ya zama da ramuka da hanyoyi da jijiyoyin jini da ƙwayoyin gina ƙashi za su bi su shiga su zauna. Shi kansa ba ya yin komai, wuri kawai yake bayarwa, kuma ramukan sai sun kai girman da ƙwaya da hanyar jini za su wuce, daga mikron 100 zuwa sama, wato kashi ɗaya cikin goma na milimeta, in sun kai 300 ya fi. Ostiyo'indiksiyon ita ce kiɗan: wasu sinadarai ne da ke cikin ƙashi waɗanda ke kiran ƙwayoyin jiki da ba su riga sun zama komai ba su juya su su zama masu gina ƙashi. Wani likitan Amurka Marshall Urist ne ya nuna wannan a 1965, ya cire wa ƙashi gishirin kalsiyam ɗin da ke sa shi tauri ya dasa shi cikin tsokar dabba, sai ga sabon ƙashi ya tsiro a inda babu ƙashi da can, daga baya aka gano sinadaran aka sa musu suna BMP. Ostiyojenes kuwa su ne manoman: a cikin abin da aka dasa akwai ƙwayoyi masu rai da za su fara ginin da kansu tun daga ranar farko.

Zaɓi na farko otogiref, wato a ɗebo daga jikin mutumin a kai wani wuri a jikinsa. Shi kaɗai ne ke da ukun nan duka a haɗe, ga shi jiki ba ya ƙin sa, ba kuma maganar ɗaukar cutar wani. Inda aka fi ɗiba shi ne bakin ƙashin ƙugu, wanda kake ji in ka riƙe ƙugunka, don cikinsa akwai ƙashi mai soso-soso cike da ɓargo. Wannan mai soson shi ya fi ƙwayoyi masu rai kuma jini na saurin shigarsa, sai dai ba ya ɗaukar nauyi ko kaɗan, da yatsa ma kana murƙushe shi. Ƙashi mai tauri na ɓawo shi ke da ƙarfi, amma ƙwayoyinsa kaɗan ne kuma jiki sai ya fara cinye shi kafin ya sake gina shi, shi ya sa yakan yi rauni na watanni kafin ya dawo. Tunda ƙarfen waje na riƙe da ƙafar yaronmu, ƙarfi ba shi muke nema ba, mai soson muke so.

Matsalar otogiref ita ce yawa, kuma a nan likita ya ɗauki biro ya yi lissafi a gabanmu. Kaurin ƙashin ƙwaurin yaron wajen santimeta 3 ne, rabinsa 1.5, tsawon giɓi 5. Ka ninka 3.14 × 1.5 × 1.5 × 5 zai ba ka 35 da ɗan ɗoriya, wato mililita 35, sirinji uku da rabi na mai mililita 10. Gaban ƙugu gefe ɗaya galibi abin da yake bayarwa bai cika wuce mililita 20 ba, yaron kuma siriri ne ya rame da jinya. Bayan ƙugu ya fi yawa, ana iya samun wajen 30 ko fiye, amma sai an kifa mutum an ɗiba sannan a juyo shi a yi aikin ƙafar, lokacin barci ya ƙaru. Akwai wata na'ura da ke shiga cikin ƙashin cinya ta kankaro ɓargo da garin ƙashi mai yawa, amma ba mu da ita. Ga kuma abin da ba a cika gaya wa majinyaci da kyau ba: wurin da aka ɗiba miki ne na biyu, wani lokaci ma ya fi wurin aikin ciwo a makonnin farko. Jini na iya taruwa, yana iya yin mugunya, kuma a gaba akwai wata jijiya da ke kai ji zuwa fatar gefen cinya, in aka yanka kusa da tsinin ƙugu aka taɓa ta mutum zai zauna da cinya tana masa dindiris ko zafi kamar ƙuna. Shi ya sa ake ja baya santimeta 2 zuwa 3 daga tsinin kafin a taɓa ƙashin, don in aka matsa ma tsinin na iya ɓallewa.

Zaɓi na biyu alogiref, ƙashin wani ɗan Adam. Da kawun ya ji wannan sai ya ce subhanallahi ƙashin gawa kuke nufi? Likita ya ce wani na mamaci ne da ya yarda tun yana raye ko danginsa suka yarda, wani kuma na mai rai ne, kamar kan ƙashin cinya da ake cirewa in za a sa wa mutum ƙugun ƙarfe. Ya ce masa kuma in da za a yi da shi, haƙƙinku ne ku sani tun kafin a shiga, ku tambayi malamanku, ba a sa wa kowa a ɓoye. Irin wannan ƙashi sai ya bi ta bankin ƙashi: a gwada mai bayarwa ko yana da sida ko ciwon hanta, a wanke ɓargo da jini, a daskarar da shi a sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri ko a busar da shi, sau da yawa a haska masa hasken gamma. Duk wannan aikin da ke sa shi zama lafiyayye shi ne kuma ke kashe ƙwayoyinsa, don haka ostiyojenes babu ko kaɗan, ostiyo'indiksiyon ɗan abin da ya rage ne, abin da ya saura da gaske shi ne ostiyokondiksiyon. Amfaninsa yawa da siffa, ana samunsa gari-gari ko babban gungume don cike inda aka cire ciwon daji, babu kuma miki na biyu. Amma babban gungumen nan bakinsa kawai ke haɗewa da ƙashin mutum, tsakiyarsa kan zauna a mace shekara da shekaru, shi ya sa yake iya karyewa daga baya ko cuta ta kama shi. Akwai wani nau'insa da aka jiƙa a asid aka cire gishirin don BMP ɗin ciki ya bayyana, ana sayar da shi kamar ƙullu, yana da ɗan kira amma ƙarfinsa ya bambanta daga wannan kwali zuwa wancan tunda masu bayarwar ba ɗaya ba ne. Mu dai ba mu da bankin ƙashi a inda muke aiki, kuma ba wanda zai ɗauki kan ƙashin wani ya ajiye a firjin gida ya ce zai sa wa mutum, wannan ganganci ne da rai. Aka ajiye wannan zaɓin.

Na uku su ne na masana'anta, waɗanda ba daga jikin mutum suka fito ba. Yawancinsu gishirin kalsiyam ne kuma kusan dukkansu gona ce kawai, ba kira ba manoma. Bambancinsu yana ga saurin narkewa. Kalsiyam salfet cikin sati 4 zuwa 12 ya tafi, wani lokaci kafin ƙashi ya iso, kuma yakan sa miki ya yi ta zubar da wani farin ruwa wanda ke ruɗa mutane su ɗauka mugunya ce, amfaninsa dai ana iya cuɗa shi da maganin ƙwayoyin cuta. Tirikalsiyam fosfet yana ɗaukar wata 6 zuwa 18, tafiyarsa ta yi kusa da tafiyar ginin ƙashi. Haidiroksi'afatait kuwa shekaru yake yi yana nan. Akwai simintin kalsiyam fosfet da ake ɗurawa ya daskare, yana jure danni sosai, ya dace da ramin da ke ƙarƙashin gaɓa kamar in saman ƙwauri ya lotsa a gwiwa, amma ba ya jure lanƙwasa ko murɗa. Akwai na ƙashin saniya da aka sarrafa, likitocin haƙori sun fi amfani da shi. BMP ɗin kansa ma ana yinsa a masana'anta, an amince da shi a Amurka don aikin ƙashin baya a 2002, kira ne zalla mai ƙarfi, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin ɗan kabu-kabu nesa ba kusa ba, kuma yana iya kawo kumburi ko ƙashi ya tsiro inda ba a so.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda wasu ke ɗaukar abin cikin kwali ya fi na jiki don an saye shi da tsada daga waje. Wani ɗan'uwan yaron da ke Kano ya bugo waya ya ce zai aiko da ƙashin roba ko nawa ne a cika duka kar a taɓa ƙugun yaro. Niyyarsa mai kyau ce, amma a ƙaramin rami da ƙashi mai rai ya kewaye ta ko'ina ne na masana'anta ke aiki shi kaɗai, don ƙwayoyi na shigowa daga kowane gefe tafiyar ba nisa. A giɓin santimeta 5 mai baki biyu kacal, tsakiyar ta yi nisa da kowa, in ba ka kai ƙwayoyi masu rai can da hannunka ba babu mai zuwa. Saboda haka aka ce masa ya aiko da mililita 10 na tirikalsiyam fosfet gari-gari, ƙari za a yi da shi ba madadi ba, kuma ƙa'idar da ake bi ita ce ƙarin kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da za a zuba.

Sati 7 bayan aikin farko ramin mugunya ya rufe, tsokar da aka juyo ta kama, gwajin jini na CRP da ke tashi in da cuta a jiki ya sauko daidai, aka kuma dakatar da magani na ɗan lokaci aka ga bai sake tashi ba. Aka kifa shi aka ɗebo daga bayan ƙugu, an samu mililita 27. Ƙashin da aka ɗebo ba a barinsa a buɗe ya bushe a iska, ba a kuma jiƙa shi cikin ruwa ya daɗe, ana lulluɓe shi da bandeji mai jinin mutumin a yi sauri, don kowane jinkiri ƙwayoyi ne ke mutuwa. Aka yayyanka shi ƙanana kamar milimeta 2 zuwa 3 aka cuɗa da garin nan. Aka juyo shi, likita ya tsaga tantanin a tsaye da hankali kar ya yage, ya farfasa simintin ya fitar, ya sake kankare bakin ƙashin ya buɗe ramin ɓargo sama da ƙasa har jini ya fito, sannan ya zuba. Ba a danna shi da ƙarfi, in ka cusa ya yi tauri ka toshe hanyoyin da jini zai bi tsakiyar ta mutu. Aka ɗinke tantanin ya rufe shi ruf.

Ƙugun ya dame shi sosai a makonnin farko, kwanciya rigingine ma ba ya iyawa, daga baya ya lafa. Radiyo ta farko za ka ga dashen tsaba-tsaba kamar yadda aka zuba shi. Abin da ake so a gani wata bayan wata shi ne tsabar nan ta fara narkewa cikin juna ta zama abu ɗaya, layin da ke tsakaninta da tsohon ƙashi ya dushe. Abin da ake tsoro kuma shi ne dashen ya yi ta raguwa yana baƙi a hoto, ko ciwo ya dawo da dare, ko zazzaɓi, ko wani ɗan rami ya ɓullo yana ɗiga.

A wata na 4 ƙasan ya haɗe amma a sama baƙin layi na nan, kuma in ya ɗan taka yana jin zafi daidai wurin. CRP lafiya lau, babu ruwa, to ba cuta ba ce. Da aka duba ƙarfen sai aka ga ƙusa ɗaya ta sama ta yi sako-sako, hoto ya nuna da'ira baƙa kewaye da ita, wato ƙashin na ɗan motsi a daidai inda ake so ya tsaya. Likita ya zaunar da shi ya ce ƙanena gaya mini gaskiya, ka koma taba? Ya sunkuyar da kai ya ce zaman gida ne ya ishe shi. Ya kuma ce kullum yana shan diklofenak da yake saye wajen masu tallar magani saboda ƙugun. Taba na matse ƙananan hanyoyin jinin da dashen ke jira, irin wannan maganin ciwo kuma in an daɗe ana sha yana iya rage saurin haɗewar ƙashi. Aka cire ƙusar aka kafa biyu a sabon wuri, aka mayar da shi kan farasetamol, kawun ya ɗauki alkawarin sa ido kan tabar. Da layin bai rufe ba, mataki na gaba shi ne a zuƙo ɓargo daga ƙugu da allura a ɗura a wurin, ko a ƙara ɗan ƙashi daga gaban ƙugu wanda da gangan aka bar shi ba a taɓa ba.

Ba a kai ga haka ba. A wata na 6 layin ya fara cikewa, aka ƙara masa nauyin da zai taka da sanduna. A wata na 9 hoto ta gaba da ta gefe suka nuna ƙashi ya haye giɓin a ɓangare uku cikin huɗu, yana takawa ba zafi, aka sassauta ƙarfen ya yi sati biyu yana yawo da shi a haka don a gwada, sannan aka cire aka sa masa filasta na ɗan lokaci. Idon sawunsa bai dawo yana lanƙwasa kamar da ba, yana zuwa wajen masu motsa gaɓoɓi, kuma an gaya masa cutar ƙashi na iya yin shiru shekaru ta dawo, duk ranar da ya ga kumburi ko ɗigon ruwa a wurin ya taho ba sai ya jira ranar da aka rubuta masa ba. Da giɓin ya kai santimeta 10 ko fiye, ƙugu biyu ma da ƙyar su isa, lokacin sai a yi maganar jan ƙashi irin na Ilizarov, wato a yanke ƙashi mai rai a riƙa jansa da ƙarfen waje milimeta 1 kowace rana har ya cike giɓin, ko a ɗauko siririn ƙashin gefen ƙafa tare da jijiyoyin jininsa a ɗinka su a sabon wuri, wanda ke buƙatar likita mai aiki da madubin ƙara girma, kuma da sai mun tura shi wani wuri.